Tambayoyi da amsoshi kan sanya launi mai sharaɗi a Excel da Google Sheets: bashin da wa'adinsa ya wuce da kayan da suka kusa ƙarewa

Amsoshin da ke ƙasa an gina su ne a kan fayil ɗin wani kantin sari na kayan masarufi, irin wanda ke ba wa ƙananan shaguna kaya bashi, su biya bayan sun sayar. Fayil ɗin yana da shafi biyu: ɗaya na bashi, ɗaya na kayan da ke sito. A duk inda aka ce layi, ana nufin jerin da ke kwance mai lamba 1, 2, 3; ginshiƙi kuwa shi ne jerin da ke tsaye mai harafi A, B, C; inda suka haɗu shi ake kira gida, kamar gidan E2.

Me ainihin wannan tsari yake yi, kuma me ya bambanta shi da shafa launi da hannu?

Idan mutum ya shafa wa layi ja da hannunsa, jan zai zauna a wurin har ranar da ya tuna ya goge shi, ko da mai bashin ya biya tun makon jiya. Shi kuwa `Conditional Formatting` ƙa'ida ce da ake ɗora wa wani yanki na jadawali. Manhajar tana yi wa kowane gida da ke yankin tambaya guda wadda amsarta e ce ko a'a; idan amsar e ce, gidan ya ɗauki launin da aka zaɓa, idan a'a ce, ya zauna yadda yake. Ana maimaita tambayar duk lokacin da aka canza wani abu a fayil ɗin, saboda haka da zarar an rubuta cewa an biya, launin zai ɗauke da kansa. Ƙa'idar ba ta taɓa abin da ke rubuce a cikin gidan, kamanninsa kaɗai take sauyawa.

Yaya zan tsara shafin bashi kafin in kafa ƙa'idar?

Layi na 1 na kanun ginshiƙai ne, bayanai kuma su fara daga layi na 2, kowane rasit a layinsa. A misalin da za a bi, ginshiƙin A na lambar rasit ne, B na shagon da ya karɓi kaya, C na kuɗin kayan, D na abin da aka biya zuwa yanzu, E kuma na ranar da aka yi alkawarin biya. A ɗauka cewa yau 10 ga Maris, 2026 ce.

| Layi | A | B | C | D | E |
|---|---|---|---|---|---|
| 2 | R101 | Shago 1 | 85,000 | 85,000 | 02/03/2026 |
| 3 | R102 | Shago 2 | 120,000 | 50,000 | 05/03/2026 |
| 4 | R103 | Shago 3 | 40,000 | | 10/03/2026 |
| 5 | R104 | Shago 4 | 60,000 | | |
| 6 | R105 | Shago 5 | 30,000 | | 01/02/2026 |

Mutane da yawa sukan ƙara ginshiƙin da ake rubuta "an biya" ko "ba a biya ba", su jingina ƙa'idar a kansa. Hakan yana aiki, amma ni na fi son a kwatanta C da D kai tsaye, domin kalma tana iya zuwa da rubutu iri-iri: yau yaron kanti ya rubuta "an biya", gobe ya haɗe ya rubuta "anbiya", jibi ya bar tazara a ƙarshen kalmar ba tare da ya sani ba, kuma a wurin manhajar waɗannan abubuwa uku ne daban. Ban da haka, kwatanta kuɗi da kuɗi yana kama wanda ya biya rabi ya bar rabi, kamar Shago 2.

Waɗanne matakai ake bi don layin gaba ɗaya ya yi ja idan wa'adi ya wuce?

A Excel, a fara danna gidan A2, a ja zuwa E300 ko inda ake ganin bayanan za su kai nan gaba. Daga nan a shiga `Home`, sai `Conditional Formatting`, sai `New Rule`, a zaɓi `Use a formula to determine which cells to format`. A akwatin da ya bayyana a rubuta wannan:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2<TODAY(),$D2<$C2)
```

Sai a danna `Format`, a shiga `Fill`, a zaɓi ja mai haske wanda baƙin rubutu zai fito a kansa, a danna `OK` har a fito. A Google Sheets kuwa ana shiga `Format`, sai `Conditional formatting`, a tabbatar an rubuta `A2:E300` a ƙarƙashin `Apply to range`, sannan a jerin `Format cells if…` a gangara ƙasa a zaɓi `Custom formula is`, a rubuta fomular nan yadda take.

Fomular tana neman sharuɗɗa uku su cika a lokaci guda: akwai ranar gaske a ginshiƙin E, ranar ta gabaci yau, kuma abin da aka biya bai kai kuɗin kayan ba. Idan aka bi misalin layi-layi za a ga yadda take yanke hukunci. Layi na 2 ranarsa ta wuce, amma 85,000 ba ta gaza 85,000 ba, don haka ba ya ɗaukar launi. Layi na 3 ya cika duka ukun, ya yi ja. Layi na 4 wa'adinsa yau ne, kuma yau ba ta gabaci yau ba, saboda haka yana nan fari har gobe da safe; wanda yake son a fara tuna masa tun ranar wa'adin sai ya mayar da `<` zuwa `<=`. Layi na 5 ba a rubuta masa rana ba, ya faɗi a sharaɗin farko. Layi na 6 ya yi ja, domin manhajar tana ɗaukar gidan D6 da ba kowa a cikinsa a matsayin sifiri, sifiri kuwa ya gaza 30,000.

Mene ne aikin alamar dala a cikin fomular? Na cire ta sai gida ɗaya kawai ya yi launi.

Wannan ita ce gaɓar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ana rubuta fomular ne sau ɗaya, domin gidan farko na yankin, wato A2, sannan manhajar ta riƙa matsar da ita zuwa kowane gida kamar yadda take yi idan an kwafi fomula an manna a wani wuri. Duk harafi ko lambar da ba a sa wa `$` a gabanta ba tana motsi tare da gidan da ake dubawa, wadda aka sa wa kuma tana tsayawa cak.

Idan aka rubuta `E2` ba tare da alamar ba, gidan A2 zai duba E2 daidai, amma gidan B2 zai duba F2, gidan C2 ya duba G2, kuma a can babu ranar biya ko ɗaya. Shi ya sa ginshiƙin farko kaɗai yake yin launi. Idan kuma aka rubuta `$E$2`, an ɗaure harafi an ɗaure lamba, kowane layi daga na 2 zuwa na 300 zai riƙa duba ranar Shago 1, idan kuma haka aka ɗaure C da D ma, sakamakon shi ne ko dai jadawalin ya yi ja gaba ɗaya ko kuma ko'ina ya zauna fari. Abin da ake buƙata shi ne `$E2`: ginshiƙin ya tsaya a E duk inda aka je a faɗin layin, lambar layin kuma ta riƙa sauka, layi na 3 ya duba E3, na 4 ya duba E4.

Akwai tarko ɗaya a Excel da ya kamata a sani. Idan maimakon rubutawa da hannu mutum ya danna gidan E2 da linzami yayin da akwatin fomular yake buɗe, Excel zai shigar da `$E$2` da kansa. Ana gyara wannan ta danna maɓallin `F4` har ya koma `$E2`, ko kuma a goge alamar ta biyu da hannu. Haka nan idan ana son matsawa hagu ko dama a cikin akwatin da maɓallan kibiya, a fara danna `F2`, in ba haka ba kibiyar za ta riƙa cusa sunayen gidaje a tsakiyar fomular.

Launin yana fitowa, amma a layin da ke sama ko ƙasa da wanda ya kamata. Me ya jawo haka?

Lambar layin da ke cikin fomular ba ta yi daidai da layin farko na yankin ba. Wannan yakan faru idan mutum ya zaɓi ginshiƙai gaba ɗaya ta danna haruffansu, wanda ke sa yankin ya fara daga layi na 1, alhali fomular tana magana a kan layi na 2. A wannan hali layi na 1 yana duba E2, layi na 2 yana duba E3, don haka jan Shago 2 zai faɗa kan Shago 1 da ya riga ya biya. Kuskure ne mai haɗari domin ido ba ya saurin kama shi, jadawalin yana kama da wanda ke aiki lafiya. Haka kuma a Excel, idan aka zaɓi yankin daga ƙasa zuwa sama, gidan da ke aiki shi ne na ƙasa, kuma daga gare shi Excel zai auna fomular, lambobin su birkice.

Don a tabbatar, a danna gidan A2, a buɗe `Manage Rules`, a duba abu biyu kafaɗa da kafaɗa: yankin da ke ƙarƙashin `Applies to` da fomular. Idan yankin ya fara da layi na 2, kowace lamba a fomular ta zama 2.

Me ya sa layukan da ba kowa a cikinsu suka yi ja?

Domin a wurin jadawali kwanan wata lamba ce. Excel yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900, wadda ita ce lamba 1, don haka 10 ga Maris, 2026 ita ce 46091, 5 ga Maris kuma 46086. Idan aka tambaya ko ranar biya ta gabaci yau, abin da ake tambaya shi ne ko 46086 ta gaza 46091. Gidan da ba a rubuta komai a cikinsa ba ana ɗaukarsa sifiri, sifiri kuwa ya gaza kowace rana, shi ya sa fomula mai `$E2<TODAY()` kaɗai take rina duk layukan da aka tanada don gaba. `ISNUMBER($E2)` da aka sa a farkon fomular ita ce ke toshe wannan ƙofa.

Ranar ta wuce tun tuni, kuɗin ba a biya ba, amma layin ya ƙi yin launi. Ina matsalar?

Mafi yawan lokuta abin da ke cikin gidan ba rana ba ce, rubutu ne mai kama da rana. Ana iya gane shi ta hanya biyu. Ta farko, idan ba a taɓa daidaiton ginshiƙin ba, lambobi da ranakun gaske suna jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma da gefen hagu. Ta biyu ta fi tabbas: a wani gidan da ba kowa a rubuta `=ISNUMBER(E3)`, idan ya ba da `FALSE` to rubutu ne.

Tushen abin yawanci saitin ƙasa ne. A Najeriya da Nijar ana fara rubuta rana kafin wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. A irin wannan kwamfutar, wanda ya rubuta 25/02/2026 ya ba ta wata na 25, wanda babu shi, sai ta ajiye abin a matsayin rubutu, kuma layin ba zai taɓa yin ja ba. Wanda ya rubuta 05/03/2026 da nufin 5 ga Maris kuwa ya fi shiga matsala, domin kwamfutar za ta karɓa ba gardama a matsayin 3 ga Mayu, `ISNUMBER` ta ce gaskiya ne, bashin kuma ya ɓuya na kusan wata biyu. Maganin wannan na biyun shi ne a sauya fasalin ginshiƙin E zuwa wanda ke nuna sunan wata da haruffa, misali `dd-mmm-yyyy`, ta yadda mai shigar da bayani zai ga nan take ko watan da ya nufa ne ya fito.

Excel yana bin saitin yanki na Windows, Google Sheets kuma yana da nasa saitin ga kowane fayil a `File`, `Settings`, `Locale`. Gyara saitin yana kare abin da za a rubuta nan gaba ne kawai. Ranakun da suka riga suka zama rubutu ana iya juya su a Excel ta zaɓar ginshiƙin, a shiga `Data`, `Text to Columns`, a mataki na uku a zaɓi `Date` tare da `DMY`. Waɗanda rana da wata suka musanya wuri kuwa sai an koma ga rasit an sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Bayan an gama, yana da kyau a ɗora `Data Validation` a ginshiƙin E don ya ƙi karɓar duk abin da ba rana ba.

Idan ranar ta gaske ce kuma har yanzu babu launi, a buɗe ƙa'idar a duba fomular. Wanda ya manta alamar `=` a farko zai tarar Excel ya kewaye fomular da alamun zance ya mayar da ita rubutu, kuma ba ya yin gargaɗi a kan hakan.

Zan iya bambanta wanda ya kusa, da wanda ya wuce, da wanda ya daɗe da wucewa?

Ana iya yi da ƙa'idoji uku a kan yanki ɗaya. Ga ta wanda ya haura kwana 30, sai ta wanda wa'adinsa zai cika cikin kwana 7 masu zuwa. Ta tsakiyar ita ce wadda aka riga aka kafa.

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2<TODAY()-30,$D2<$C2)
=AND(ISNUMBER($E2),$E2>=TODAY(),$E2<=TODAY()+7,$D2<$C2)
```

A misalinmu Shago 5, wanda ya makara da kwana 37, ya cika sharaɗin ta farkon, Shago 3 kuma ya shiga ta biyun ya yi rawaya. Sai dai Shago 5 ya cika sharaɗin ƙa'idar ja ta asali ma, domin duk abin da ya wuce da kwana 37 ai ya wuce. A nan ne jerin ƙa'idojin yake da muhimmanci: idan biyu suka nemi su shafa wa gida ɗaya launi daban-daban, wadda ke sama ce ke cin nasara. Saboda haka mafi tsananin sharaɗi shi ake ɗorawa a sama. A Excel ana matsar da su da kibiyoyin da ke cikin `Manage Rules`, a Google Sheets kuma ana jan ƙa'idar da linzami zuwa sama.

Manhajojin biyu suna da ɗan bambanci. Google Sheets yana tsayawa a ƙa'idar farko da ta zama gaskiya. Excel kuwa yana ci gaba da duba na ƙasa, ya haɗa duk abin da bai yi karo da juna ba, misali launin gida daga ta sama da rubutu mai kauri daga ta ƙasa, sai dai idan an sa alama a `Stop If True`.

Shawarata ita ce kada a wuce launi uku. Shafin da rabinsa ja ne, sauran rabin rawaya da kore da shuɗi, ba ya nuna wa maigidan kanti wanda zai fara kira. Musamman ba na ganin amfanin shafa kore a kan waɗanda suka biya, tun da babu wani aiki da ya rage a kansu.

To shafin kaya fa? Yaya za a nuna abin da ya kusa ƙarewa?

A ce ginshiƙin A na sunan kaya ne, B na ma'auninsa, katan ko buhu ko jarka, C na abin da ya rage a sito, D kuma na adadin da in an sauko gare shi ya kamata a sake saro. A zaɓi A2 zuwa D300, a kafa ƙa'idoji biyu, ta farkon a sama da ja, ta biyun da rawaya:

```
=AND(ISNUMBER($C2),$C2<=0)
=AND(ISNUMBER($C2),$C2<=$D2)
```

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a zaɓi ginshiƙin C, a shiga `Highlight Cells Rules`, a zaɓi `Less Than`, a rubuta 10. Aibinta shi ne tana auna duk kaya da mudu ɗaya. Katan 10 na kayan da ke fita shida a rana ba za su kai kwana biyu ba, katan 10 na wanda ke fita ɗaya a mako kuwa sun ishi fiye da wata biyu. Shi ya sa kowane kaya yake buƙatar iyakarsa a ginshiƙin D.

An yi amfani da `<=0` maimakon `=0` da gangan. Idan ginshiƙin C fomula ce mai cire abin da ya fita daga abin da ya shigo, wata rana za ta iya ba da lamba ƙasa da sifiri, wanda ke nuna an sauke kaya a sito ba a rubuta ba, ko an rubuta fita ɗaya sau biyu. Gara wannan layin ma ya yi ja a je a ƙirga.

Ta yaya ake fitar da adadin da za a rubuta a ginshiƙin D?

Ana ninka abin da ke fita a rana da kwanakin da kaya ke ɗauka kafin su iso daga ranar da aka yi oda, sannan a ƙara wani abu na ko-ta-kwana. Idan taliya tana fita katan 6 a rana, kuma daga yin oda zuwa sauke kaya kwana 4 ne, ana buƙatar katan 24 don a kai ranar isowar sabon kaya. Idan aka ƙara na kwana biyu saboda mota na iya makara, wato katan 12, iyakar ta zama 36. Ranar da C ta sauko 36 layin zai yi rawaya, kuma ranar ce ta yin oda, ba ranar da sito ya koma fayau ba.

Wannan adadi ba na dindindin ba ne. Sukari da ke fita buhu 2 a rana a sauran watanni yana iya ninkawa idan azumi ya gabato, kuma idan aka bar iyakarsa yadda take, rawayar za ta fito ne bayan lokacin yin oda ya wuce. Ƙa'idar launi ba ta san kasuwa ba, abin da aka rubuta mata a D kawai take dubawa, don haka sabunta shi aikin mai kanti ne. A kuma lura cewa idan aka bar D babu komai a wani layi, za a ɗauke shi sifiri, layin ba zai taɓa yin rawaya ba sai dai ya yi ja ranar da kayan suka ƙare. Haka nan kada a rubuta "36 katan" a cikin C ko D, domin wannan rubutu ne. Lambar zalla ake rubutawa, ma'aunin yana da gidansa a B.

Zan iya ajiye adadin kwanakin a wuri ɗaya don in riƙa canza shi ba tare da buɗe ƙa'idar ba?

Ana iya yi, kuma nan ne ɗaure harafi da lamba duka biyu yake da amfani, tun da kowane layi gida ɗaya zai duba. Idan aka rubuta 30 a gidan G1 na shafin bashi, sai a maye gurbin `TODAY()-30` da `TODAY()-$G$1`. Idan gidan yana wani shafi dabam, misali mai suna `Saiti`, Excel daga na 2010 zuwa yau yana karɓar `Saiti!$B$1` kai tsaye, amma Google Sheets ba ya karɓa a cikin ƙa'idar launi sai an bi ta `INDIRECT("Saiti!B1")`.

Ina aiki da Excel na Faransanci, fomular ta ƙi shiga.

Wannan yakan sami masu aiki a Nijar da Kamaru da Chadi. A can sunan tsarin `Mise en forme conditionnelle`, sunayen fomuloli na Faransanci ne, kuma ana raba sassan fomula da `;` maimakon waƙafi:

```
=ET(ESTNUM($E2);$E2<AUJOURDHUI();$D2<$C2)
```

Fayil ɗin da aka riga aka kafa wa ƙa'ida a Excel na Ingilishi ba ya buƙatar gyara idan an buɗe shi a na Faransanci, manhajar tana juya sunayen da kanta.

Launin yana sabunta kansa kowace rana, ko sai na yi wani abu?

`TODAY()` tana sake lissafi duk lokacin da aka buɗe fayil ko aka canza wani gida. A Excel tana karanta ranar ne daga agogon kwamfutar, don haka kwamfutar da batirin agogonta ya mutu, wadda ke komawa wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta, za ta nuna kamar babu wanda ya makara. A Google Sheets ranar tana bin `Time zone` da aka saita wa fayil ɗin. Fayil ɗin da aka bari a buɗe ya kwana yana iya ci gaba da nuna launin jiya har sai an taɓa wani abu a cikinsa. A Excel danna `F9` ya isa.

Bayan wasu watanni na tarar da ƙa'idoji barkatai a `Manage Rules`, wasu layukan kuma ba sa yin launi. Daga ina suka fito?

Daga kwafi da mannawa. Idan aka kwafi gida aka manna a wani wuri, ƙa'idar launinsa tana tafiya tare da shi, idan kuma aka manna gida daga wani fayil a cikin yankin, yana iya huda yankin ya bar wurin babu ƙa'ida. Sannu a hankali yanki ɗaya mai tsabta yakan farfashe zuwa gutsattsari, fayil ɗin kuma ya yi nauyi. Kariyar ita ce a saba da manna ƙima kaɗai, ta `Paste Special` sai `Values` a Excel, ko `Ctrl+Shift+V` a Google Sheets. Idan ɓarnar ta riga ta auku, a bar kwafi ɗaya na kowace ƙa'ida a goge sauran, sannan a sake rubuta cikakken yankin a `Applies to`.

Sabbin layukan da suka wuce na 300 su ma ba za su yi launi ba, tun da suna wajen yankin. A Excel, mayar da bayanan `Table` da `Ctrl+T` yana sa ƙa'idar ta riƙa bin sabbin layukan da aka ƙara a ƙasa. A kuma tuna cewa adana fayil a matsayin `CSV` yana zubar da ƙa'idojin launi gaba ɗaya, bayanan zalla suke saura.

Zan iya ƙirga jajayen layukan, ko in tara kuɗin da ke cikinsu?

Ana iya tace su da `Filter by Color` don a gan su su kaɗai, amma fomulolin ƙirge na yau da kullum ba sa ganin launi. Hanyar ita ce a maimaita sharaɗin da ya haifar da launin. Wannan fomula tana tara ragowar kuɗin da wa'adinsu ya wuce:

```
=SUMPRODUCT(ISNUMBER(E2:E300)*(E2:E300<TODAY())*(D2:D300<C2:C300)*(C2:C300-D2:D300))
```

A misalinmu za ta ba da 100,000, wato 70,000 da suka rage wa Shago 2 da 30,000 na Shago 5. Idan ta ba da `#VALUE!`, akwai rubutu a wani gida na C ko D.

Ga wanda zai riƙa buga shafin a takarda da na'ura mai baƙin tawada kaɗai, ko wanda ke aiki da mutumin da idonsa ba ya rarrabe ja da kore, ya fi kyau a ƙara ginshiƙin F mai faɗin abin da kalma. A F2 a rubuta wannan, a ja shi ƙasa:

```
=IF(AND(ISNUMBER(E2),E2<TODAY(),D2<C2),TODAY()-E2,"")
```

Zai nuna yawan kwanakin makara, 5 ga Shago 2 da 37 ga Shago 5, ya bar sauran layukan babu komai. Idan lambar ta fito da kamannin kwanan wata, a mayar da fasalin ginshiƙin zuwa `General` a Excel ko `Number` a Google Sheets. Da wannan ginshiƙin ana iya jera masu bashin daga wanda ya fi daɗewa zuwa na baya-bayan nan, kuma yana zama ma'aunin gwaji: duk layin da F ta nuna lamba amma bai yi launi ba, matsalar tana cikin yankin ƙa'idar ko alamun `$`, ba a cikin bayanan ba.